Mahaɗin da Ke Mutuwa a Hanya Bayan An Tura Fayil ɗin PowerPoint

Duk wanda ya saba halartar taron bita ko lacca ya san yadda ake rabuwa: mai gabatarwa zai ce kowa ya kwantar da hankalinsa, zai tura shafukan da aka haska a majigi. Kafin la'asar fayil ya shigo zauren WhatsApp. Sai mutum ya buɗe, ya ga shuɗin rubutu mai ja-layi da ke cewa "danna nan", ya danna har yatsa ya gaji, babu abin da ya motsa. Wani kuma abin ya buɗe masa, amma ya ci karo da saƙon cewa ba shi da izinin shiga. Idan aka yi ƙorafi, mai fayil zai rantse cewa a kwamfutarsa komai lafiya lau yake aiki. Gaskiya ya faɗa, kuma a nan matsalar take, domin kwamfutar mai fayil ita ce wurin da ya fi kowane rashin dacewa da gwada mahaɗi.

Mahaɗi, wato linki, ba ya ɗauke da abin da yake nunawa. Kwatance ne kawai. Idan ka ce wa maƙwabcinka "shagon da ke bayan gidanmu", zai je ba tare da tambaya ba, amma idan ka rubuta wannan a takarda ka aika wa baƙon da ke Maraɗi, ba ka gaya masa komai ba, sai ka haɗa da gari da unguwa da layi. Saboda haka tambayar da ya kamata a yi wa kowane mahaɗi kafin a tura fayil ita ce: wanda zai karɓa, daga inda yake zaune da na'urar da ke hannunsa, zai iya bin wannan kwatancen ya isa?

Kowane mahaɗi fuska biyu gare shi. Akwai rubutun da ido ke gani a shafi, akwai kuma adireshin da ke ɓoye a ƙarƙashinsa. A PowerPoint, idan ka zaɓi rubutu ka danna Ctrl+K, ko ka bi ta Insert sannan Link, akwati zai fito da gurbi biyu: Text to display a sama, Address a ƙasa. Waɗannan biyun ba sa bin juna. Mutum kan ɗauko shafin bara, ya ga adireshin da ke rubuce ya tsufa, ya goge 'yan haruffa ya gyara shi a kan shafin, ya ɗauka ya gama. Rubutun ya canza, amma na ƙarƙashin yana nan yana kai mutane wurin bara. Gyaran gaskiya sai an danna mahaɗin da maɓallin dama na linzami, a zaɓi Edit Link, a canza abin da ke gurbin Address.

Wanda ke son ganin abin da idonsa yana iya leƙa cikin fayil ɗin. Tun daga Office 2007, fayil mai ƙarewa da .pptx ƙunshi ne na ƙananan fayiloli da aka matse wuri ɗaya. Ka yi kwafinsa, ka canza ƙarshen sunan kwafin zuwa .zip, ka buɗe, ka shiga folda ppt, sannan slides, sannan _rels. Kowane shafi yana da ɗan fayil a nan wanda ke riƙe da adiresoshin mahaɗansa. Ga irin abin da ake gani:

```
Target="https://example.com/horo" TargetMode="External"
Target="file:///D:\Ofis\kasafi.xlsx" TargetMode="External"
Target="slide18.xml"
```

Layi na farko adireshin intanet ne, ko'ina aka buɗe fayil ɗin a duniya wuri ɗaya yake nunawa. Na biyu yana nuna wani fayil da ke kwance a wata kwamfuta guda. Na uku yana nuna wani shafi a cikin fayil ɗin kansa. A kan allo dukkansu shuɗin rubutu ne iri ɗaya, amma kowanne da irin ajalinsa.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wata jami'a ce a wata ƙungiya ta shirya bita ga shugabannin makarantu. Fayil ɗinta shafi 18 ne, da mahaɗi huɗu. A shafi na 2 akwai kalmar "Ƙarin bayani" da ke tsallakawa zuwa shafi na 18, wanda ta ɓoye da Hide Slide don kada ya fito sai an nema. A shafi na 7 akwai "Duba kasafi", mai buɗe takardar Excel da ke kwamfutarta. A shafi na 11 akwai adireshin shafin ƙungiyar na intanet. A shafi na 17 kuma akwai "Cike fom ɗin nan", wanda ke kai mutum ga fom na Google. A zauren taro duka huɗun sun yi aiki, domin kwamfutarta aka jona wa majigi. Da yamma ta danna Ctrl+P, ta zaɓi Microsoft Print to PDF, ta tura abin da ya fito.

A wannan PDF ɗin babu mahaɗi ko ɗaya da ya rayu, kuma dalilin yana cikin hanyar da ta bi. Microsoft Print to PDF, wanda ya zo tare da Windows 10, firinta ce a wajen kwamfuta, sai dai maimakon takarda fayil take fitarwa. Abin da ake miƙa wa firinta shi ne kamannin shafi: wannan harafi a nan, wannan launi a can. Ba a miƙa mata adireshin da ke ɓoye, tunda takarda ba ta da amfani da shi. Shi ya sa shuɗin launi da ja-layi suke fitowa tsaf, amma ƙarƙashinsu wayam.

Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne, idan jami'ar ta gwada, wataƙila ta ga na shafi na 11 yana buɗewa, ta ce ai ga shi nan yana aiki. Ba mahaɗinta ba ne ya rayu. Manhajojin karanta PDF da yawa, ciki har da Adobe Acrobat Reader, idan suka ga rubutu mai kama da adireshin intanet sukan mayar da shi abin dannawa da kansu. Wannan taimako ne da ba a dogara da shi. Wata manhajar ba ta yi, kuma idan adireshin ya yi tsawo ya karye zuwa layi na biyu, sau da yawa rabin farko kawai ake kamawa, sai mutum ya faɗa shafin da babu shi. Don haka idan za ka gwada PDF, kada ka gwada adireshin da ke rubuce a fili. Gwada wanda ke ɓoye a ƙarƙashin kalma, irin "Cike fom ɗin nan". Idan shi ya buɗe, mahaɗanka sun tsallake.

Hanyar da ke riƙe mahaɗai ita ce a bar PowerPoint ya rubuta PDF ɗin da kansa: File, sannan Export, sannan Create PDF/XPS Document, ko kuma Save As a zaɓi PDF a jerin nau'in fayil. A Google Slides kuwa File, sannan Download, sannan PDF Document. Mai amfani da Mac, idan wajen ajiyewa ya ga zaɓi tsakanin Best for printing da Best for electronic distribution and accessibility, na biyun ne nasa.

Kafin a danna Publish akwai maɓallin Options, kuma ya cancanci a leƙa shi. A gurbin Publish what a bar shi a kan Slides. Mutane suna son Handouts, mai jera shafi uku ko shida a takarda ɗaya, don rage kuɗin bugawa, amma a wannan tsarin shafukan kan koma ƙananan hotuna ne da ba a danna komai a cikinsu. Wannan na masu bugawa a takarda ne, ba na masu karantawa a waya ba. A cikin akwatin ne kuma mahaɗin shafi na 2 zai rayu ko ya mutu. PowerPoint ba ya saka ɓoyayyun shafuka a PDF sai an yi wa Include hidden slides alama. Idan jami'ar ba ta yi ba, PDF ɗinta zai fito da shafi 17, kuma "Ƙarin bayani" yana nuna wurin da ba a taho da shi ba. Haka ma idan ta zaɓi fitar da shafi na 1 zuwa na 10 kawai.

In ban da wannan, mahaɗin cikin gida shi ne mafi ƙarancin rigima, muddin an yi shi ta hanyarsa: Ctrl+K, sannan Place in This Document, a zaɓi shafin. Ba lambar shafi yake riƙewa ba, shafin kansa yake bi, don haka ko an matsar da na 18 ya koma na 5 zai same shi. Abin da ke kashe shi shi ne a goge shafin, ko a kwashe shafin da ke ɗauke da mahaɗin zuwa wani fayil a bar wanda yake nunawa a baya. Masu Google Slides suna da nasu tarkon. Wani kan buɗe shafin da yake so, ya kwafi dogon adireshin da ke saman burauza, ya liƙa shi a matsayin mahaɗi. A wurinsa zai yi aiki. Amma wannan adireshin intanet ne da ke komawa ga ainihin fayil ɗin da ke asusunsa, saboda haka duk wanda ya sauke kwafi ya danna, za a fitar da shi daga kwafin a kai shi ƙofar da wataƙila a kulle take. Daidai shi ne a danna Ctrl+K a zaɓi shafin daga Slides in this presentation.

Yanzu sai "Duba kasafi", wanda shi ne mafi wahalar ceto. Ko da jami'ar ta fasa PDF ta tura .pptx ɗin kansa, takardar Excel ba za ta bi shi ba. Kwamfutar wanda ya karɓa za ta nemi folda mai suna Ofis a D:, ba ta same ta ba, sai ta fito da saƙon Cannot open the specified file. Ko a kwamfutar jami'ar ma abin zai mutu ranar da ta canza wa foldar suna. Masu yawo da filashi sun san wani nau'in wannan: filashin da ya fito a matsayin E: a ofis yana iya zama F: a kwamfutar zauren taro, kuma harafi ɗayan nan ya isa.

Idan a kwamfuta za a buɗe, akwai tsohuwar dabara mai aiki, amma sai an kiyaye jerin matakanta. A buɗe sabuwar folda. A ajiye fayil ɗin PowerPoint a ciki, a kwafo takardar Excel a sa a gefensa. Bayan an yi waɗannan biyun, ba kafin ba, sai a goge tsohon mahaɗin a yi sabo zuwa kwafin da ke cikin foldar. Idan fayilolin biyu suna zaune wuri ɗaya lokacin da aka yi mahaɗin, PowerPoint kan rubuta sunan fayil ɗin kawai, kasafi.xlsx, ba tare da doguwar hanya ba, ma'ana a neme shi a gefen fayil ɗin ko'ina aka kai su. Daga nan foldar gaba ɗaya ake turawa, a matse ta ta zama .zip. A PowerPoint na Windows akwai kuma Package Presentation for CD a ƙarƙashin Export. Kada sunan ya sa a raina shi don an daina yayin faifai: a cikinsa akwai Copy to Folder, wanda ke tattara fayil ɗin da abubuwan da aka haɗa da shi a folda ɗaya.

Dabarar tana da iyaka, kuma gara a san ta. Wanda ya karɓi .zip dole ya warware shi da Extract All kafin ya buɗe. Idan ya danna fayil ɗin PowerPoint kai tsaye daga cikin ƙunshin, Windows zai ciro shi shi kaɗai zuwa wani wurin wucin gadi, ya bar Excel ɗin a ciki, mahaɗin ya sake mutuwa. A waya kuwa, ko a Google Slides, ko bayan an mayar da shi PDF, kada ma a sa rai. Tunda akasarin waɗanda muke tura wa fayil a waya suke buɗewa, ra'ayina shi ne a daina haɗa shafi da fayil ɗin cikin kwamfuta in dai za a raba shi. Idan teburin kasafin gajere ne, a sa shi a shafi kowa ya gani. Idan dogo ne, a ɗora shi a Google Drive ko OneDrive, mahaɗin ya koma adireshin intanet.

Wannan ya kawo mu ga izini, wanda shi ne ya kama fom ɗin shafi na 17 ko da an gyara batun PDF. Fom na Google adireshi biyu gare shi. Wanda ke saman burauza lokacin da kake tsara tambayoyi yana ƙarewa da /edit, kuma na mai fom ne da waɗanda ya ba izinin gyara. Na masu amsawa daban ne, galibi yana ɗauke da /viewform ko ya fara da forms.gle. Jami'ar ta kwafi na farko. A kwamfutarta ya buɗe nan take domin tana cikin asusunta, shi ya sa ba ta ga alamar komai ba.

Haka abin yake ga duk fayil ɗin da aka ɗora a Drive. A asusun mutum na kansa, sabon fayil yana farawa ne a Restricted, wato mai shi da waɗanda ya ambata da imel ɗinsu ne kawai za su shiga. Sauran za su ga You need access da maɓallin neman izini, mai fayil kuma ya wayi gari da tarin saƙonnin roƙo. Sai an shiga Share, a ƙarƙashin General access a mayar da shi Anyone with the link, a bar matsayin a Viewer. A nan ina roƙon a yi tunani kafin a danna. Fayil ɗin da ya shiga zauren WhatsApp ya bar hannunka, kuma duk wanda aka miƙa wa zai iya buɗe abin da mahaɗin ke nunawa. Idan takardar kasafin tana da sunayen ma'aikata da albashinsu ko lambobin asusun banki, ba ita za a buɗe wa kowa ba. A yi wata mai ɗauke da abin da mahalarta ke buƙata kawai. Kuskuren barin matsayi a Editor ya fi wannan muni, domin kowa zai iya gogewa ko canza alƙaluma.

Adireshin Drive yana da wani hali mai kyau: lambar shaidar fayil yake bi, ba sunansa ba. Kana iya canza suna ko ka matsar da shi wata folda, mahaɗin yana nan. Amma idan ka goge fayil ɗin ka ɗora gyararre, ko da suna ɗaya ne, sabuwar lamba zai samu, kuma duk PDF ɗin da ka riga ka raba yana nuna tsohon. Ga fayil irin su PDF ko Excel da aka ɗora, a yi amfani da Manage versions sannan Upload new version, sai sabon ya hau kan tsohon adireshi.

Na shafi na 11 bai da wata matsala sai ƙananan abubuwa biyu. A kwafo adireshin daga burauza cikakke, da https:// a farkonsa, maimakon a rubuta shi da ka. Idan aka sa example.com/horo haka tsirara a gurbin Address, manhajar tana iya ɗaukarsa sunan wani fayil a kwamfuta. Na biyu, rubutun da aka yi wa ado mai yawa, irin inuwa ko ƙyalli ko WordArt, wani lokaci yakan koma hoto wajen mayarwa PDF, mahaɗin da ke kansa ya salwanta. A bar rubutun mahaɗi ba ado, ko a zana ɗan akwati a sa mahaɗin a jikin akwatin.

Akwai juyin da babu mahaɗin da ke tsira daga gare shi ko yaya aka yi: mayar da shafuka hotunan JPEG ko PNG, mayar da su bidiyon MP4, bugawa a takarda, da ɗaukar hoton allo da waya. WhatsApp ba ya ɓata fayil ɗin da aka tura ta Document, yadda ya shiga haka yake fita. Amma mun san halinmu, wani zai ɗauki hoton shafin da ya burge shi ya tura wa wani zauren. A wannan hoton, "danna nan" bai bar wa mai karatu ko da abin da zai kama ba. Saboda haka mahaɗin da ya fi muhimmanci, kamar fom ɗin rajista, a rubuta adireshinsa a fili yadda za a iya karantawa a kwafa da hannu, a kuma sa lambar QR a gefensa. Wannan lambar, wadda kamfanin Denso Wave na Japan ya ƙirƙiro a 1994, adireshin ne da kansa aka mayar zane, shi ya sa take rayuwa a hoto da takarda da majigi. A yi ta baƙi a kan fari, a bar mata farin fili kewaye, kada a ja ta ta yi tsawo ko faɗi, kuma ta yi girman da na kujerar baya zai iya kamawa. A kula da masu yin ta a intanet: wasu ba adireshinka suke sa wa a ciki ba, nasu suke sawa ya riƙa miƙa mutane gare ka, kuma idan wa'adin gwajin kyauta ya ƙare sai lambar ta daina aiki. Ka haska ta da wayarka ka karanta adireshin da ya fito. Idan ba naka ba ne, ka san akwai ɗan tsakiya.

Gajerun adiresoshi ma ɗan tsakiya ne, duk da amfaninsu wajen rubutawa a fili. Google da kansa ya daina bayar da sababbin adiresoshin goo.gl, sannan a 2024 ya sanar cewa tsofaffin za su daina aiki a watan Agustan 2025, kafin daga baya ya sassauta ya bar waɗanda ake amfani da su. Ga fom ɗin da zai rufe bayan mako biyu, gajeren adireshi ba laifi. Ga laccar da ɗalibai za su riƙa miƙa wa na bayansu shekara da shekaru, cikakken adireshi ya fi, tare da sunan takardar da na wanda ya wallafa ta a rubuce, don ko adireshin ya mutu a iya nemo ta.

Gwaji na ƙarshe ana yin sa ne a kan fayil ɗin da za a tura, ba a kan wanda ake gyarawa ba. Jami'ar ta fitar da PDF ɗin ta Export, ta tura wa kanta ta hanyar da za ta tura wa jama'a, ta buɗe a wayar da ba ta cikin asusunta na Google, ko ta roƙi abokiyar aiki ta buɗe a tata. Idan kwamfuta kawai ke gabanta, ta kwafi kowane adireshi ta liƙa a tagar sirri ta burauza, wadda Ctrl+Shift+N ke buɗewa a Chrome, domin a can ba a san ta ba, abin da baƙo zai gani shi za ta gani. Ta danna huɗun ɗaya bayan ɗaya, kuma kada ta tsaya a kan cewa ya buɗe: ta duba ko kasafin bana ne ya fito, ko fom ɗin yana karɓar amsa, ko shafi na 18 yana nan. Idan ta sake taɓa fayil ɗin bayan gwajin, ko da gyaran harafi ɗaya ne, sabon PDF za ta fitar, kuma shi ma sai ta gwada shi kafin ya shiga zaure.